Yadda ake tantance sakamakon wasan kirash da hannunka ta hanyar hash

A wasan kirash, ana fara zagaye ne da lamba 1.00, sai ta riƙa hawa a kan allo, 1.20, 1.85, 2.40, har zuwa lokacin da za ta faɗi ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya cire kuɗinsa kafin faɗuwar yana samun abin da ya zuba an ninka shi da lambar da ya tsaya a kai, wanda kuwa ya yi jinkiri ko da na daƙiƙa ɗaya ne ya rasa duka. Tambayar da ke zuwa wa duk wanda ya ga lambar ta faɗi a 1.02 daidai lokacin da ya zuba kuɗi mai yawa ita ce ko gidan cacar ya ga abin da ya zuba ne sannan ya yanke zagayen da gangan. Tsarin da shafukan ke rubutawa a allo da sunan `Provably Fair` an gina shi ne don amsa wannan tambaya guda ɗaya, kuma amsar ba ta da wani amfani sai ɗan wasa ya yi lissafin da kansa. Abin da ke biye shi ne yadda ake yin lissafin, tare da misali da kowa zai iya maimaitawa a na'urarsa ya ga ko lambobin sun fito daidai.

Abubuwa uku da ke haifar da kowane sakamako

Kafin a taɓa kwamfuta, ya kamata a fahimci abin da hash yake yi. SHA-256 hanyar lissafi ce da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a farkon shekarun 2000, wadda ke karɓar rubutu ko wane iri, gajere ko dogo, ta mayar da shi jerin haruffa 64 da aka haɗa daga lambobi 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f. Rubutu ɗaya kullum hash ɗaya yake bayarwa. Idan aka sauya harafi guda, hash ɗin gaba ɗaya yakan sauya kama. Kuma babu wata sananniyar hanya ta komawa baya daga hash zuwa rubutun da ya haife shi, sai dai a yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wanda ya nuna maka hash na wani sirri ya ɗaure kansa: bai faɗa maka sirrin ba, amma ba zai iya musanya shi daga baya ba tare da asirinsa ya tonu ba.

A wasannin da mutum ke bugawa shi kaɗai, irin su dais da nakiyoyi da filinko, abubuwa uku ake haɗawa. Na farko shi ne irin gida, wanda a allo ake rubuta shi `Server seed`, wato dogon rubutun sirri da gidan ya zaɓa, ya ɓoye, ya nuna maka hash ɗinsa kawai. Na biyu shi ne irin ɗan wasa, `Client seed`, wanda kai ne ke da ikon rubuta shi. Na uku kuma lambar zagaye ce, `Nonce`, wadda ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da ka buga, don kada iri biyun su riƙa fitar da sakamako ɗaya. Ana zuba waɗannan ukun cikin HMAC-SHA256, wato SHA-256 ɗin da ke aiki da mabuɗi, kuma yawanci irin gida ne mabuɗin, sauran biyun kuma su ne saƙon.

Mataki na farko: abin da ake yi kafin a zuba ko sisi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali duk sauran a kansa suke tsaye. Buɗe sashen adalci na wasan, ka kwafi hash na irin gida, ka ajiye shi a wani wuri da ba shafin ba, tare da kwanan wata. Bayan ka ajiye shi, sai ka sauya irin ɗan wasa zuwa wani rubutu da kai ka ƙirƙira. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan gidan ya riga ya san irinka kafin ya zaɓi nasa, yana iya gwada dubban iri a ɓoye, ya ɗauki wanda zai ba ka zagayen farko marasa kyau, ya nuna maka hash ɗinsa, kuma duk binciken da za ka yi daga baya zai fito daidai. Irin da shafin ya cika maka da kansa lokacin da ka yi rajista ba ya kare ka daga wannan, domin ba ka da tabbacin inda ya fito. Yawancin shafuka suna nuna hash na iri mai zuwa tun kafin a fara aiki da shi, kuma shi ne wanda ya kamata ka kwafa kafin ka rubuta sabon irinka.

Daga nan kuma, yayin da kake bugawa, ka riƙa lura da lambar zagaye. Idan ka buga sau 40, ya kamata lambar ta matsa da 40 cif. Lambar da ta yi tsalle ba tare da ka buga ba tana nufin akwai zagayen da aka tsallake, kuma wanda ke iya tsallake zagaye yana iya tsallake wanda za ka ci.

Mataki na biyu: buɗe sirrin da gwada alkawarin

Gidan ba zai nuna maka irinsa ba muddin ana aiki da shi, domin da ka gan shi za ka iya lissafa duk zagayen da ke gaba. Sai ka danna maɓallin sauya iri, tsohon ya daina aiki, sannan a bayyana shi. Yanzu kana da rubutun asali da kuma hash ɗin da ka ajiye tun farko, saura ka gwada ko sun dace.

Don misalin ya zama wanda kowa zai iya bincikawa, zan yi amfani da gajeren iri, kalmar `key`, ko da yake iri na gaske yakan kai haruffa 64. A kwamfuta mai Linux ko macOS, ko a wayar Android mai manhajar Termux da aka saka wa OpenSSL, rubuta wannan:

```
printf '%s' 'key' | openssl dgst -sha256
```

Amsar da za ta fito, ban da ɗan rubutu irin `(stdin)=` da kan zo a gabanta, ita ce:

```
2c70e12b7a0646f92279f427c7b38e7334d8e5389cff167a1dc30e73f826b683
```

Idan wannan ne hash ɗin da ka ajiye kafin wasa, to gidan bai sauya irinsa ba a tsawon lokacin da kake bugawa. Kwatanta haruffan duka 64, ba na farko da na ƙarshe kawai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi ɗaya a neme shi a cikin fayil ɗin da aka ajiye ɗayan.

Mataki na uku: sake haifar da hash na zagayen

A wasa na gaske saƙon yakan zo da siffar irin ɗan wasa, sai alamar ɗigo biyu, sai lambar zagaye, kamar `irinka:17`, wasu kuma suna ƙara lamba ta uku a ƙarshe, `irinka:17:0`, don wasannin da ke buƙatar lambobi da yawa a zagaye guda. Dole ne ka duba shafin bayanin wasan ka ga ainihin siffar da yake amfani da ita. A misalinmu za mu ɗauki wata jimla da masu gwajin lissafin sirri suka daɗe suna amfani da ita a matsayin saƙo, saboda amsarta sananniya ce:

```
printf '%s' 'The quick brown fox jumps over the lazy dog' | openssl dgst -sha256 -hmac 'key'
```

Amsa:

```
f7bc83f430538424b13298e6aa6fb143ef4d59a14946175997479dbc2d1a3cd8
```

Idan na'urarka ta ba ka wannan, kayan aikinka lafiya suke, kuma kana iya musanya mabuɗin da saƙon da na zagayenka.

Mataki na huɗu: daga haruffa zuwa lambar da ta faɗi

A nan ne abin ke da daɗin bi, domin a nan ake ganin inda ribar gidan take zaune. Wata dabara da ta yaɗu a wasannin kirash tana ɗaukar haruffa takwas na farko ne kawai, wato `f7bc83f4`. Waɗannan haruffa lamba ce a tsarin ƙidaya mai tushe 16, kuma idan aka mayar da ita ƙidayar yau da kullum tana zama 4,156,326,900. Haruffa takwas suna iya ɗaukar lambobi 4,294,967,296 mabambanta, wato 2 an ninka ta da kanta sau 32. Sai a raba wannan babbar lamba da tamu bayan an ƙara mata ɗaya, a sami kusan 1.0334. Daga nan a ninka da 0.99, a sami 1.023, a yanke abin da ya wuce gurbi biyu bayan ɗigo, a tsaya a 1.02. Ga shi a Python:

```python
import math
n = int("f7bc83f4", 16)
print(max(1, math.floor(2**32 / (n + 1) * 0.99 * 100) / 100))
```

Zagayen ya faɗi a 1.02 ke nan, kuma ba don wani ya ga kuɗin da aka zuba ba, sai don lambar da hash ya bayar ta zo kusa da ƙololuwa. Duk lokacin da haruffan farko suka yi girma, rabon yakan fito ƙarami. Da hash ɗin ya fara da `5bdcc146`, wato 1,541,194,054, da zagayen ya kai 2.75. Da ya fara da sifiri biyu ko uku, da an ga lamba ta haura ɗaruruwa ko dubbai.

Gibin da ke tsakanin wancan 0.99 da 1 shi ne kason gidan, ɗaya cikin ɗari. Ba a ɓoye yake ba, a tsakiyar dabarar yake zaune.

Sai dai ba kowane wasa ne ke bin wannan dabara ba, kuma nan ne masu bincike da yawa ke rikicewa su ɗauka an cuce su. Bustabit, wanda yake cikin wasannin kirash na farko kuma ya samo asali a 2014, yana ɗaukar haruffa 13 ne, wato bit 52, ya mayar da su lamba tsakanin 0 da 1, sannan ya raba 99 da abin da ya rage idan an cire lambar daga 1, ya yanke abin da ke bayan ɗigo, ya raba da 100:

```python
import math
x = int("f7bc83f430538", 16) / 2**52
print(max(1, math.floor(99 / (1 - x)) / 100))
```

Da hash ɗinmu ɗin nan dai, amsar ita ce 30.66. Hash ɗaya, dabara ɗaya ta ce 1.02, ɗayar ta ce 30.66, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, domin ta biyu ta juya ma'aunin ne kawai ta yadda babbar lamba ke ba da babban sakamako. A wasan dais mai lambobi daga 0 zuwa 100 kuma, inda ake raba lambar haruffa takwas ɗin da 4,294,967,296 a sami 0.96772, a ninka da 10,001 a raba da 100, hash ɗin nan zai ba da 96.78. Abin lura shi ne dole dabarar ta kasance a rubuce a fili tun kafin wasa, kuma ka ajiye kwafinta kamar yadda ka ajiye hash, saboda gidan da ke iya sauya dabara ba ya ma buƙatar taɓa iri.

Idan wasan na taro ne

Kirash na gaske yawanci mutane da yawa ne ke buga zagaye ɗaya tare, don haka ba zai yiwu kowa ya saka irinsa ba. An warware wannan ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce sarƙar hash. Gidan yana ɗaukar sirri guda ya yi masa hash, ya yi wa amsar hash, ya sake yi wa wannan amsar, haka har sau miliyoyi. Bustabit ya yi sarƙa mai hash miliyan 10. Sai ya wallafa hash na ƙarshe a bainar jama'a, ya fara buga wasanni daga ƙarshen sarƙar yana komawa baya. Hikimar a nan ita ce, idan aka ba ka hash na zagayen yanzu, kana iya yi masa SHA-256 ka sami hash na zagayen da ya gabata, amma ba za ka iya sanin na gaba ba, tunda wannan na buƙatar warware hash ta baya. Binciken kuwa layi biyu ne:

```python
import hashlib
print(hashlib.sha256(b"HASH_NA_ZAGAYEN_YANZU").hexdigest())
```

Abin da ya fito dole ya yi daidai da hash na zagayen da ya wuce. Wanda ke son cikakken tabbaci yakan maimaita wannan cikin madauki har ya isa hash ɗin da aka wallafa tun farko, kuma kwamfuta ta gida ba ta ɗaukar dogon lokaci kafin ta gama ko da zagayen sun kai miliyoyi. Amma sarƙa ita kaɗai tana da gibi irin wanda muka gani a mataki na farko: gidan yana iya ƙera sarƙoƙi da yawa ya zaɓi wadda ta fi cutar da 'yan wasa. Shi ya sa bayan an wallafa ƙarshen sarƙar ake sanar da cewa za a gauraya kowane hash da hash na wani bulo na Bitcoin, wato shafi guda na rajistar cinikayyarsa, da ba a riga an haƙo ba, ma'ana ba a samar da shi ba tukuna, a ambaci lambar bulon tun da wuri. Mai bincike sai ya tabbatar da abu biyu: ranar sanarwar ta riga ranar haƙo bulon, kuma hash na bulon da shafin ke amfani da shi ya yi daidai da wanda ke cikin rajistar Bitcoin da kowa ke iya dubawa.

Hanya ta biyu ita ce ta Aviator, wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019. A can ana haɗa irin gida ne da irin mutum uku da suka fara zuba kuɗi a zagayen, a yi musu SHA-512, wanda ke ba da haruffa 128. Ana bincikensa ta hanya ɗaya da wadda muka bi: a ajiye hash na irin gida kafin zagayen, a haɗa rubutun huɗu bayansa bisa jerin da wasan ya nuna, a kwatanta. A ganina wannan tsari ya fi sarƙa mai bulo rauni ta fuska ɗaya, wato sai kana cikin ukun nan ne kake da tabbacin cewa akwai iri guda da bai fito daga hannun gidan ba.

Idan lambobin suka ƙi dacewa

Kafin ka yanke hukuncin cewa an yi maka maguɗi, duba kurakuran da suka fi faruwa, domin mafi yawan rashin dacewa daga wajen mai binciken yake fitowa. Na taɓa ɓata yamma guda ina kwatanta hash biyu da suka ƙi haɗuwa, ashe na yi amfani da `echo` ne maimakon `printf`, shi kuwa `echo` yana ƙara alamar sabon layi a ƙarshen rubutu, wadda ido ba ya gani amma SHA-256 yana ƙirga ta. Fili guda da ya maƙale a ƙarshen iri lokacin kwafi shi ma haka yake yi.

Bayan wannan sai musanya mabuɗi da saƙo, tunda wasu wasannin irin gida suke sakawa a matsayin saƙo ba mabuɗi ba. Sai lambar zagaye, wadda wasu ke farawa daga 0 wasu daga 1, don haka idan amsarka ta yi daidai da sakamakon zagayen da ke gaba ko baya da wanda kake nema, matsalar ke nan. Na ƙarshe kuma ya fi wuyar ganewa: irin da aka rubuta da haruffa 64 ana iya karanta shi a matsayin rubutu, ana kuma iya fara mayar da shi bayit 32, kuma hanyoyin biyu ba sa ba da hash ɗaya. A Python, `bytes.fromhex()` ne ke yin na biyun. Idan ka gwada waɗannan duka a kan zagaye da dama, wasu suka dace wasu suka ƙi da lissafi iri ɗaya, to a nan akwai hujja ta gaske, kuma sai ka adana hotunan allo da lambobin zagayen da irin da aka bayyana.

Kada ka dogara da akwatin bincike da ke cikin shafin kansa. Shafin da zai yi ƙarya a sakamako ba zai ji nauyin yin ƙarya a akwatin da ke tantance sakamakon ba.

Iyakar abin da binciken ke tabbatarwa

Idan komai ya dace, abin da ka tabbatar shi ne an tsayar da sakamakon kafin ka zuba kuɗi, kuma ba a taɓa shi ba bayan nan. Dabarar da ka bincika ita ce kuma ke faɗa maka abin da za ka rasa. A ƙarƙashin kaso ɗaya cikin ɗari, yiwuwar zagaye ya kai wata lamba ita ce 0.99 a raba da lambar: kashi 49.5 cikin ɗari na kaiwa 2.00, kashi 9.9 na kaiwa 10.00, kuma kusan zagaye biyu cikin kowane ɗari suna faɗuwa a 1.00 kafin kowa ya iya danna komai. Ko a wace lamba mutum ya zaɓi cirewa, matsakaicin abin da ke dawo masa 99 ne a kan kowane 100. Wanda ya zuba 100 sau 1,000 ya juya 100,000 ke nan, kuma asarar da lissafi ke sa ran zai yi 1,000 ce. A Aviator, inda abin da ke dawowa kashi 97 ne, asarar ta ninka uku.

Masu ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa su ma lissafin nan ya shafe su. Yiwuwar a kasa kai 2.00 sau goma a jere kusan ɗaya ce cikin 930, wanda ba abu ne mai nisa ba ga wanda ke buga ɗaruruwan zagaye a dare guda, kuma a zagaye na goma sha ɗaya sai ya zuba ninki 1,024 na abin da ya fara da shi don ya ci ninki ɗaya tak. Tunda kowane hash ba shi da alaƙar da za a iya amfana da ita wajen hasashen na gaba, jerin ƙananan lambobi ba ya nufin babba na tafe. Wannan dalilin ne kuma ke rushe manhajojin da ake tallatawa da sunan suna hango inda zagaye zai faɗi: don su yi aiki sai sun warware SHA-256 ta baya, abin da har yau ba a san wanda ya yi ba, kuma da wani ya iya, tsarin tantancewar ma da kansa ya rushe.

Akwai kuma abubuwan da hash ba ya ganinsu ko kaɗan. Ba ya nuna ko danna maɓallin cirewa da ka yi a 1.98 ya isa na'urar gidan kafin faɗuwa a 2.01, domin agogon gidan ne ke hukunci ba na wayarka ba, kuma jinkirin intanet na rabin daƙiƙa ya isa ya cinye zagayen. Saita lambar cirewa ta kai tsaye tun kafin zagaye ya fara yana rufe wannan ƙofa, tunda umarnin yana hannun gidan tun farko kuma ana iya kwatanta shi da sakamakon da aka bincika. Ba ya kuma nuna ko shafin zai biya lokacin da ka nemi fitar da kuɗinka, ko yana da lasisi, ko sauran 'yan wasan da kake gani suna cin manyan kuɗi a gefen allo mutane ne na gaske. Waɗannan sai a bincika su ta wata hanya dabam, a rajistar hukumar da shafin ya ce ita ta ba shi lasisi da kuma sharuɗɗan fitar da kuɗi da ya rubuta.